Saurayin da ya ɗauka dariya so ce: yadda za ki gina labarin

"Malam barka da warhaka. Ina rubuta gajeren labari ne a kan wani saurayi da ya fita da budurwa, tana ta dariya shi kuma ya ɗauka sonsa take, sai a hankali ya gane ba haka ba ne. Na ba ƙawayena biyu sun karanta, ɗaya ta ce tun shafin farko ta san ƙarshen, ɗayar kuma ta ce ai yarinyar mayaudariya ce kawai, ni kuma wallahi ba haka nake nufi ba. Ya zan gyara?"

Barka kadai ƙanwata. Ƙawarki ta farko kar maganarta ta dame ki sosai, don irin wannan labarin dama ba ɓoye ƙarshe ake yi ba, mai karatu ya kamata ya riga saurayin ganewa, daɗin labarin ma a nan yake, kana zaune kana kallon mutum yana ta murna kai kuma cikinka na juyawa saboda ka hango abin da bai hango ba. Abin dubawa kawai shi ne kar a riga shi da nisa sosai har a fara ganin sa a matsayin sakarai. Ta biyun ce ta taɓo inda ciwon yake. In har mai karatu ya gama ya ce yarinyar ta yaudare shi, to labarin ya koma na yaudara, irin wanda an rubuta shi ba adadi, alhali naki labarin na kuskuren fahimta ne, kuma mai kuskuren shi ne saurayin.

Daga rubuce-rubucen da ake turo min in duba, kusan kullum abu ɗaya ke jawo wannan: marubuciyar ita kanta ba ta zauna ta yanke dalilin da ya sa yarinyar ke dariya ba. Ta san abin da saurayin ke tunani tsaf, amma yarinyar an ajiye ta ne kawai tana ƙyalƙyalewa duk inda ake bukata. To mai karatu in bai ga dalili ba shi zai ƙirƙiro nasa, kuma wanda ya fi kusa da hannu shi ne "tana cin kuɗinsa ne".

Me ya sa take dariyar

Kafin ki taɓa jimla ko ɗaya, ki samu takarda daban ki rubuta wa kanki amsar wannan, ko da ba za ta taɓa fitowa a cikin labarin ba. Akwai wadda dama haka Allah ya yi ta, mai fara'a ce, da mai adaidaita ma haka take yi. Akwai wadda da gaske yana ba ta dariya, tana jin daɗin hirarsa amma ko a mafarki ba ta hango shi a matsayin miji ba. Akwai wadda dariya take masa, shi ne abin dariyar, wannan kam ki guje ta tunda ba kya son a tsani yarinyar. Sannan akwai wadda nake ganin ta fi dacewa da mu a nan, wato wadda ba ta da hanyar cewa a'a sai dariyar.

Ki duba yadda abin yake a gidajenmu. Yarinya ta taso ana ce mata ba a wulaƙanta wanda ya ce yana sonki, ba a yi wa baƙo ɗaure fuska, in an yi sallama da ke ki fita ko da minti biyar ne. In kuma aka yi rashin sa'a saurayin abokin yayanta ne ko ɗan ƙawar mamanta, to kalmar "ba na sonka" ta zama dutse a bakinta, don ba shi kaɗai za ta ɓata wa ba. Sai ta samu mafita, duk lokacin da ya zo da maganar da ke neman amsa sai ta yi dariya, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ba ta yi ƙarya ba, kuma ba wanda zai ce ta yi rashin kunya. Shi kuma ya taso yana jin ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma ya san mace ba ta fitowa fili ta ce ina sonka, kunya ke hana ta, don haka dariyar nan a wajensa ita ce e ɗin. Kin ga kowa a cikinsu yana da hujja, kuma tarbiyya ɗaya ce ta ba su hujjar. In kin gina shi a kan wannan ba mai cewa mayaudariya ce.

Ba kuma mu kaɗai ba ne. Wani masanin halayyar ɗan adam a Amurka, Robert Provine, ya bi mutane a wuraren taruwa shi da ɗalibansa suka rubuta dariya 1,200 da abin da aka faɗa kafin kowacce, sai ya tarar wadda ta biyo bayan abin da za a kira barkwanci ba ta wuce kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ba, sauran duk bayan magana ce ta yau da kullum irin su "to sai an jima". Wata mai suna Antonia Abbey kuma a 1982 ta haɗa maza da mata suna hira wasu na kallo, ta ga mazan sun fi matan saurin ɗaukar sakin fuskar mace a matsayin tana ciki. Amfanin wannan a wajenki shi ne saurayinki ba wawa ba ne, kuskuren da mutane masu hankali ke yi kullum ya yi, kuma haka ya kamata ki rubuta shi, da mutuncinsa.

Bari mu gina ɗaya tare

A ce sunansa Sagiru, yana tsaron shagon atamfa da leshi na ubangidansa a Kantin Kwari. Ita kuma Hajara, ƙanwar abokinsa Nura. Na ba shi wannan sana'ar da gangan, za ki ga dalili a gaba. In gasa kike nufi da labarin, misali Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016, kalma 1,000 zuwa 1,500 ake ba ki, to ba ki da filin da ya wuce fitowa huɗu, kuma ta farkon ce za ta ci kaso mafi girma, kamar kalma 500, saboda a cikinta za ki binne duk abin da zai tono daga baya.

Fitowar farko: ya samu izini ta hannun Nura ya kai ta shan askirim a wani waje a titin Zoo Road, da ƙanwarta Ummi 'yar rakiya. Ki bar shi ya yi ta zuba. Ya ba ta labarin wata Hajiya da ta sa ya sauke turmi goma sha biyu daga ƙarshe ta ce kala ɗaya take nema irin na kishiyarta, Hajara ta yi dariya har da dafa tebur. Wannan dariyar ta gaske ce, ki bar ta ta zama ta gaske, labarin na da ban dariya kuma Sagiru ya iya ba da shi. Marubuta da yawa suna sa dariyar ta zama ta ƙarya tun daga farko, nan take kuwa mai karatu zai gano, wataƙila shi ne abin da ya faru da ƙawarki ta farko. Sai can da hira ta yi daɗi ya sassauta murya ya ce, "Hajara, ni fa da gaske nake." Ta sake dariya, ta ce, "Kai Yaya Sagiru, ba ka da dama," ta juya ta goge wa Ummi askirim a haɓa. Shi ke nan. Kar ki ƙara ko kalma ɗaya ta bayani.

Ki lura da abin da ke cikin ɗan layin nan. Ta kira shi Yaya, wanda zai iya zama girmamawar budurwa ga saurayi, zai kuma iya zama tana ajiye shi ne a layin Nura. Dariyar ta zo daidai gurbin da amsa ya kamata ta zauna. Idonta kuma ya bar kansa ya koma kan ƙanwarta. Kowanne a ciki yana da fassara biyu, Sagiru ya ɗauki mai daɗin, a adaidaita yana komawa gida yana ce wa kansa kunya ce ta kama ta. Ƙa'idar da za ki riƙe ke nan har ƙarshe: duk abin da Hajara ta yi dole ya karantu ta fuska biyu, ranar da kika sa ta yi abin da fassararsa ɗaya ce tak, kamar ta ce "nima ina sonka" ko ta roƙe shi kuɗin anko, to kin mayar da ita mai laifi. Ko kyauta ya kawo, turmin atamfa a ce, ki sa ta ce "ka daina wahalar da kanka", shi ya ji kulawa, mu kuma mu ji wani abu daban.

Wani ɗan abu kan yadda ake siffanta dariyar. Tun 1862 wani likita Bafaranshe, Duchenne, ya nuna cewa murmushin jin daɗi yana motsa naman da ke kewaye da ido, na dole kuwa yawanci a baki yake tsayawa. Marubuta sun samu wannan sun cinye shi, ko'ina sai ki ga "murmushin da bai kai ido ba". Ni ina ba ki shawara ki bar shi, don in Sagiru ne ke kallo kuma ya lura idonta bai yi dariya ba to ai ya gane ke nan tun a shafi na ɗaya, labari ya ƙare. Abin da zai iya gani ba tare da ya fahimta ba shi kike nema: lokacin da dariyar ke zuwa, tsawonta, da abin da take yi da zarar ta gama. Ta farkon ta ɗauki lokaci har tana share hawaye tana cewa "sai aka yi yaya?", ta biyun gajera ce, tana yankewa ta canza magana. Ki rubuta su haka kawai, mai karatu zai auna da kansa.

Ganewa a hankali

Fitowa ta biyu gajera ce, ta waya. Ya tura mata dogon saƙo a WhatsApp da daddare, layi takwas, ta dawo masa da fuskokin dariya guda uku da "Allah ya bar zumunci". Ya nuna wa yaron shagon maƙwabta yana washe baki, yaron ya karanta ya ce, "To ina amsar?" Sagiru ya ce kai yaro ne ba ka san mata ba. Kalma 200 ta isa. Aikin wannan fitowar kawai a jefa tambayar a kunnensa ta bakin wani, ya ture ta, amma ta riga ta shiga.

Ta uku ita ce zuciyar labarin, kuma Hajara ba ta ciki sam. Ranar kasuwa ce, wani Alhaji babban kwastoma da ke sayen dila-dila ya shigo, mutumin da ke da barkwanci ɗaya tal da yake maimaitawa duk zuwa. Ya faɗa, Sagiru ya tuntsire har da tafa hannu kamar yadda ya saba. Sai Alhajin ya ce a ba shi kaya bashi zuwa bayan sallah, abin da ubangidan Sagiru ya hana, shi kuma ba ya iya ce wa Alhaji a'a. Me zai yi? Sai ya ji bakinsa ya yi wata 'yar gajeriyar dariya ya ce, "Kai Alhaji, ba ka da dama," ya juya yana gyara turamen da ke kan kanta. A nan za ki tsayar da shi da turmi a hannu, jimla ɗaya ko biyu. Kar ki rubuta "sai ya tuna da Hajara", kar ki rubuta "gabansa ya faɗi". Kalmomin iri ɗaya ne da nata, juyawar ma iri ɗaya, mai karatu ya ji su a shafin farko, zai haɗa da kansa. Dalilin da ya sa na ba shi shago ke nan. Mutumin da ke cin abinci da fara'a ya fi kowa sanin dariyar da ake yi don kar a ɓata wa mutum, kawai bai taɓa tunanin za a yi masa ita ba.

Na fi son wannan hanyar a kan wadda aka saba, wato ya je biki ya hango ta da wani, ko ya tsinci saƙo a wayarta, ko ƙawarta ta zo ta fesa masa. Duk waɗannan daga waje gaskiyar ke faɗo masa, kuma a lokaci ɗaya take faɗowa, ke kuma kin ce a hankali kike so. Sannan da zarar wani saurayin ya shigo, hankalin mai karatu ya tafi kan kishi, an manta da dariya. Babu laifi a ce tana da wanda take so, amma labarin bai bukatar sa, rashin son Sagiru kaɗai ya isa.

Kuma ko bayan abin shagon kar ki bari ya sallama nan take. Mutum ba ya sakin abin da yake so da hujja ɗaya. Da daddare zai ce ai daban ne, ni ciniki nake ita kuma me za ta samu. Zai ɗauko waya ya bi hirarsu daga sama yana neman abin da zai ƙaryata zarginsa, a nan ne zai lura da abin da ya fi dariyar ciwo, wata biyu suna magana ba ta taɓa tambayarsa komai ba, ko "ya kasuwa" sai in shi ya fara. Wannan binciken da ya yi da niyyar kare kansa ya ƙare da kama kansa, shi ne "a hankali" ɗin da kike nema.

Fitowa ta huɗu, ya je zance ƙofar gidansu bayan isha'i. Yau bai zo da labari ko ɗaya ba. Suka gaisa, ya yi shiru, ita ma shiru, don dama shi ke ɗauke da hirar. Sai ya ce, "Hajara, in na turo magabatana za ki ji daɗi?" Ta fara dariyar nan, shi kuma bai taya ta ba, yana dai kallonta yana jira, dariyar ta mutu a hanya. Abin da za ta ce bayan nan naki ne, amma ki ba ta jimla ta gaskiya ko da guda ɗaya ce, wani abu kamar "Yaya Sagiru, ban san yadda zan faɗa maka ba ne, kar Yaya Nura ya ji haushina." Wannan layin shi zai wanke ta a wajen ƙawarki ta biyu, don a nan za a ga wata biyun nan ita ma a takure take. Kar ki sa ta yi dogon jawabi tana kuka tana neman gafara, ba ta yi laifin da za ta nemi gafara ba. Shi ma kar ki sa ya yi wa'azi kan halin mata. In ya fita yana zagin mata to bai gane komai ba, kin ɓata kalma 1,500 a banza.

Wa ke ba da labarin

Nan akwai zaɓi biyu kuma kowanne da kuɗinsa. In Sagiru ne ke magana da bakinsa, "na ce mata, ta yi dariya", za ki samu zaƙin muryarsa, da cika bakinsa, da yadda yake fassara komai yadda ya ga dama, mai karatu na jin sa yana girgiza kai. Matsalar ita ce in yana ba da labarin ne bayan komai ya wuce to ya riga ya san ƙarshe, kuma hannunki zai dinga ƙaiƙayin rubuta "ashe ban sani ba", "da na san abin da zai biyo baya". Duk inda kika ga "ashe" a rabin farko na labarin ki goge ta, ita ce ke tona asiri tun ba a je ko'ina ba, ina ma zargin ita ce ta tona wa ƙawarki.

Ni da zan zaɓa, zan ba da shi ne da "ya", amma in manne a kafaɗar Sagiru, abin da ya gani kawai za a gani, abin da ya ji kawai za a ji. Sharaɗin shi ne ba za ki taɓa leƙa zuciyar Hajara ba, ko sau ɗaya. Da yake ke mace ce za ki fi jin ta a ranki, za ki so ki rubuta "a zuciyarta kuwa tana cewa wannan mutumin ya ishe ni". Layi ɗaya irin wannan ya rushe ginin, don daga nan mai karatu ya daina auna dariyar da kansa, ya koma jiran ranar da Sagiru zai farka. Tausayinki gare ta ki zuba shi a abin da ake gani, yadda take murza bakin mayafi, yadda take jawo Ummi cikin hira duk lokacin da magana ta yi nauyi.

Wannan tsarin yana da iyakarsa. Masu karatu a waya da suka saba da labari mai fashewa, mari da kuka da tonon silili, wasunsu za su ce miki ba abin da ya faru a ciki, wasu ma ba za su haɗa maganar Alhaji da ta Hajara ba in tazarar ta yi yawa. In kin ga haka maganinsa ki sa "ba ka da dama" ta fito sau biyu a bakinta kafin fitowar shago, sau ɗaya a wajen askirim sau ɗaya a waya, amma kar ta kai uku, in ta kai uku an gane dabara ce. Haka kuma in karanta labarin za a yi a rediyo ko a saƙon murya, fuskokin dariyar nan na waya ba sa jiyuwa, sai ki mayar da fitowa ta biyu kiran waya.

Ban ga rubutun naki ba, don haka ga gwajin da za ki yi da kanki bayan kin gyara. Ki ba mutum biyu da ba su san labarin ba, mace da namiji in da hali, ki ce kowa ya sa alama a layin da ya fara zargin ba son Sagiru take ba, da kuma layin da ya tabbatar. In alamar zargi ta faɗo a ƙarshen fitowar farko ko cikin ta biyu, ta tabbatarwa kuma a shago, to ma'aunin ya zauna daidai. In duka biyun sun faɗo a shafin farko, dariyar farkon ce ba ki bari ta zama ta gaske ba, ki koma ki ƙara wa labarin Hajiya mai turmi goma sha biyu daɗi har mai karatu shi ma ya yi dariya. In kuma sai a ƙofar gida suka gane, to juyawar da take yi bayan dariya ce ba ta fito ba, ita za ki ƙara wa haske. Daga nan ki tambaye su me suke gani game da Hajara, ki yi shiru ki ji da wace kalma za su fara.